Takardar ɗan kwangila ɗaya ce, sassanmu huɗu: yaya zan raba kuɗin?

Assalamu alaikum. Ni akanta ne a wani kamfani a Kano mai sassa huɗu a harabar guda: gidan burodi, sashen ruwan leda, sashen ƙanƙara da kuma ofis, dukkansu a kan janareta ɗaya. Ɗan kwangilar da ke kula mana da injin ya kawo takardar neman biya ta naira 6,850,000, wato dizal lita 5,000 a kan naira 1,200 kowace lita, kuɗin dako naira 150,000, sabis ɗin janareta naira 400,000, da gyaran makunnin layin gidan burodi naira 300,000. Na raba huɗu daidai, shugabar ofis ta ce an zalunce ta. Maigida ya ce a raba bisa ciniki, tunda a watan burodi ya sayar da kayan miliyan 15, ruwa miliyan 10.5, ƙanƙara miliyan 4.5, sai manajan burodi ya ce sam bai yarda ba. Kowa yana ganin ni ne nake son kai, alhali ladan ƙarshen shekara na kowane manaja ya rataya ne a kan ribar sashensa. Mene ne adalci a nan?

Wa alaikumus salam, Malam Akanta. Shugabar ofis da manajan burodi dukkansu suna da gaskiya, kuma dalilinsu ɗaya ne ko da yake ba su faɗe shi ba: an ɗora musu kuɗi bisa ma'aunin da ba shi da alaƙa da abin da ya ƙona man. Janareta bai san adadin sassan kamfani ba, bai kuma san wanda ya yi ciniki ba. Abin da ya sani shi ne nauyin injinan da aka jona masa da tsawon lokacin da suka yi suna jan wuta. Duk ma'aunin rabon da za ka ɗauka, ka fara auna shi da tambaya guda: idan wannan abu ya ƙaru, shin kuɗin da ke kan takardar zai ƙaru? Idan an tsaga ofis gida biyu gobe, sassa sun zama biyar, amma ba za a ƙona ƙarin lita ko ɗaya ba. Idan an ƙara wa burodi farashi, ciniki ya hau, amma tankin mai bai motsa ba. Idan kuwa sashen ƙanƙara ya ƙara awa uku kowane dare, za ka ga tasirinsa a tanki kafin mako ya zagayo.

Kafin ka kai ga ma'auni, akwai kuɗi biyu a cikin takardar da bai kamata su shiga rabo ba ko kaɗan, kuma a nan ne na ga lissafinka na farko ya fara kaucewa, domin ka ɗauki jimlar ƙasan takarda ka raba, maimakon ka bi ta layi bayan layi. Na farko shi ne naira 300,000 na gyaran makunni. Wannan aiki ne da aka yi wa gidan burodi shi kaɗai, saboda haka ya tafi kansa kai tsaye, babu wanda zai taya shi ko da kwabo. Manajan burodi ba zai ji daɗin wannan ba, amma idan ka fara da shi a gaban kowa, sauran za su fahimci cewa ba wani kake karewa ba.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Takardar ta nuna man da aka saya, ba man da aka ƙona ba. Bari mu ɗauka an kawo man ne a farkon wata lokacin da tanki ya ƙare, sannan a ranar ƙarshe ta watan aka zura sandar awo aka tarar da saura lita 1,000. Wannan saura kaya ne da ke ajiye, dukiyar kamfani ce kamar buhun fulawar da ke sito, ba kashewar watan ba ce, kuma babu sashen da ya ci moriyarsa tukuna. Kuɗin dako yana bin man, domin da shi man ya iso tankinku, don haka a haɗa naira 6,000,000 da naira 150,000 a raba da lita 5,000, sai kowace lita ta tsaya a kan naira 1,230. Lita 1,000 da ta rage ta zama naira 1,230,000 a asusun kayan ajiya, ta jira watan gaba. Lita 4,000 da aka ƙona ta zama naira 4,920,000. Idan ka ƙara sabis na naira 400,000, abin da ya rage a raba tsakanin sassan shi ne naira 5,320,000, ba 6,850,000 ba. Ka ga ke nan fiye da naira miliyan ɗaya da rabi na abin da ake ta cacar baki a kansa ba ma abin rabo ba ne.

Yanzu sai ma'aunin kansa. Abin da ya fi kusa da gaskiya ga mai shi ne yawan wutar da kowane sashe ya ja daga janareta, wato ƙarfin injinansa a ninka da awannin da suka yi aiki a kan janareta. Ka lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin awannin da aka yi a kan wutar Nepa ba sa cikin lissafi, suna da tasu takardar. Kowane inji yana da ɗan allon ƙarfe a jikinsa da ke nuna ƙarfinsa, wani da kilowat, wani da ƙarfin doki, kuma ƙarfin doki ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu ne na kilowat. Ka zaga da mai gyaran wutarku sashe bayan sashe, ku rubuta kowane inji da ƙarfinsa, sannan ka sa mai kula da janareta ya buɗe littafin da zai riƙa rubuta lokacin da aka ba kowane layi wuta da lokacin da aka kashe.

Tunda ba ka aiko da waɗannan alƙaluma ba, zan sa na misali waɗanda suka dace da man da muka ce an ƙona, kai kuma ka maye gurbinsu da naku. A ce injinan kwaɓa fulawa da sauran kayan gidan burodi sun kai kilowat 20 kuma sun yi awa 120 a watan, wanda ya ba da awon wuta 2,400. Injinan tace ruwa da na liƙe leda sun kai kilowat 24 na awa 150, wato 3,600. Sashen ƙanƙara kilowat 18 ne kacal, ƙasa da kowanne daga cikin biyun, amma yana aiki dare da rana har awa 300, wato 5,400. Ofis da kwamfutocinsa da na'urar sanyaya ɗaki kilowat 4 ne na awa 150, wato 600. Jimla ta zama 12,000, kuma daga nan kaso ya fito da kansa: burodi 20 cikin ɗari, ruwa 30, ƙanƙara 45, ofis 5.

Idan aka ɗora wannan kaso a kan naira 5,320,000, gidan burodi zai ɗauki naira 1,064,000, wanda ya zama 1,364,000 bayan an ƙara masa gyaran makunninsa. Sashen ruwa zai ɗauki naira 1,596,000, sashen ƙanƙara naira 2,394,000, ofis kuma naira 266,000. Ka haɗa waɗannan huɗun da naira 1,230,000 na man da ke tanki, dole su dawo maka da naira 6,850,000 cif; idan ba su dawo ba, akwai layin da aka manta ko aka ƙirga sau biyu. Ka kwatanta naira 266,000 da naira 1,712,500 da rabon daidai ya ɗora wa ofis, sai ka gane cewa ba raki shugabar ofis take yi ba, an caje ta fiye da ninki shida na abin da ta ja.

Ra'ayin maigida shi ne ya fi buƙatar ka yi masa bayani cikin natsuwa, domin ba daga rashin tunani ya fito ba. A al'adarmu mai hali shi ke ɗaukar babban kaso, haka ake yi a gudummawar biki da gyaran masallacin unguwa, kuma a can daidai ne. Amma littafin kamfani ba don taimakon juna ake rubuta shi ba, ana rubuta shi ne don maigida ya san wane sashe ke ciyar da kansa. Bisa ciniki, burodi mai rabin cinikin watan zai ɗauki naira 3,425,000, ƙanƙara mai kashi 15 cikin ɗari ta ɗauki naira 1,027,500 kawai. A ce sauran kashe-kashen sashen ƙanƙara, albashi da leda da gyare-gyare, sun kai naira miliyan 2.5 daga cinikinsa na miliyan 4.5. Da ma'aunin maigida, sashen zai nuna ribar naira 972,500, har a fara tunanin sayo masa ƙarin inji. Da ma'aunin wutar da ya ja, zai nuna asarar naira 394,000. Ba lissafin ne ya haifar da asarar ba, tana nan tun da farko, sai dai burodi ne ke biyan ta ba tare da an faɗa masa ba. Wannan ita ce hujjar da za ka kai wa maigida, kuma ina ganin za ta fi shiga kunnensa fiye da batun adalci tsakanin manajoji, domin aljihunsa ta shafa: ko dai a ƙara wa ƙanƙara farashi, ko a rage aikin dare a kan dizal, ko a yarda da asarar da ido buɗe saboda wani dalili na kasuwa.

Kada ka ɗauki lissafin allon ƙarfe a matsayin abin da ba ya kuskure. Abin da aka rubuta a jikin inji shi ne ƙarfinsa idan an ɗora masa cikakken nauyi, kuma injina da yawa ba sa kaiwa can a aikin yau da kullum. Injin kwaɓa yana aiki ne ya tsaya a sauke kwaɓi, kwamfureson sanyi kuma yana kashe kansa idan sanyi ya kai inda aka saita shi. Manajan da ya san injinansa zai kama ka a nan, kuma zai yi gaskiya. Maganin wucin gadi shi ne mai gyaran wuta ya zo da na'urar awon da ake maƙala wa waya, ya auna abin da kowane layi ke ja a lokuta daban-daban na yini har tsawon mako guda, ku ɗauki matsakaici. Magani mai ɗorewa shi ne a sa wa kowane layi ƙaramar mitarsa a bayan makunnin janareta. A kamfanin da ke ƙona man kusan naira miliyan biyar a wata, kuskuren kashi biyar cikin ɗari a rabo ya kusa naira dubu ɗari biyu da hamsin kowane wata, don haka kuɗin mita huɗu ba abin da za a tsaya ja-in-ja a kansa ba ne. Da takardar ta naira dubu arba'in ce ta sabulu da tsintsiya, da na ce ka raba bisa faɗin kowane sashe ko yawan ma'aikatansa ka wuce, domin bai kamata awon ya fi abin da ake aunawa tsada ba.

Akwai wani gyara kuma da ya kamata ka sani, domin ya shafi irin tsarinku kai tsaye. Janareta ba ya shan mai daidai da wutar da yake bayarwa. Ko babu abin da aka jona masa yana ƙona wani abu don ya ci gaba da juyawa, kuma idan nauyin da ke kansa ya yi ƙasa sosai, kowace lita tana ba da wuta kaɗan. A misalinmu injin ya yi awa 300, amma kusan rabin wannan lokaci ƙanƙara kaɗai yake ɗauke da ita, babban inji yana ruri saboda kilowat 18. Ma'aunin wutar da aka ja yana ɗaukar kowace awa da farashi ɗaya, saboda haka yana rage wa ƙanƙara wani abu ya watsa wa sauran. Idan kana son ka cire wannan, ka sa a auna tanki da yamma bayan sauran sassa sun tashi, a sake aunawa da safe kafin su fara, na tsawon mako ɗaya ko biyu. Man dare ya tafi kan ƙanƙara kai tsaye, kamar yadda makunni ya tafi kan burodi, sannan man rana kaɗai a raba shi bisa wutar da kowa ya ja da rana. Ni dai ba zan ba ka shawarar ka shigo da wannan a watan farko ba, saboda manajan ƙanƙara zai riga ya sha kaye ɗaya, kuma idan ka haɗa masa biyu a zama guda zai ce da gayya ne. Ka ambace shi a matsayin abin da za a auna nan gaba, ka fara tara alƙaluman.

Game da sabis, na bar shi ya bi ma'auni ɗaya da mai da gangan. Wani zai ce ai bisa awannin aiki ake canza baƙin mai da matata, don haka a raba shi bisa awanni zalla. Ka gwada ka gani: awa 150 na ofis cikin jimlar awa 720 ta sassan huɗu za ta ɗora masa naira 83,333 maimakon naira 20,000, daidai da sashen ruwa mai injina ninki shida nasa, alhali da ofis ne kaɗai a harabar da ɗan ƙaramin inji ya ishe shi. Ban da haka, kowane sabon ma'auni sabuwar ƙofar gardama ce.

Wannan lissafi zai ba ka wata riba da ba ka nema ba. Idan ka raba jimlar 12,000 da lita 4,000, kowace lita ta ba da awon wuta uku, wanda ke cikin abin da ake tsammani daga janaretan dizal mai lafiya da ke ɗauke da nauyi daidai gwargwado. Idan naku ya fito biyu ko ƙasa da haka, kada ka yi gaggawar raba kuɗin, domin ko dai akwai layin da ba ya cikin jerinka, kamar famfon rijiyar burtsatse, fitilun harabar, ko wayar da ta tsallaka katanga zuwa wani gida, ko injin yana buƙatar gyara, ko kuma man yana fita ta wata hanyar da ba ta bututun hayaƙi ba. Rabon daidai da rabon ciniki ba za su taɓa nuna maka wannan ba.

A wajen shigarwa a littafi, kada ka nemi ɗan kwangila ya sake rubuto takardu huɗu. Kamfani ɗaya ya yi wa aiki, bashi ɗaya yake bi, kuma yawan takardu a kan kaya ɗaya shi ne hanyar da ake biyan abu sau biyu ba a sani ba. A asusunsa ka rubuta bashi guda na naira 6,850,000 da lambar takardarsa, a ɗaya ɓangaren kuma ka buɗe layi biyar, huɗu na sassa da ɗaya na kayan ajiya, kowanne ɗauke da wannan lambar. Idan doka ta sa ku cire wani haraji daga kuɗinsa ku miƙa wa hukuma, wannan ya rage abin da zai shiga hannunsa ne kawai, bai rage kashewar kowane sashe ba. Idan takardar ta zo da harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari a kan wani layi, ka duba ko kamfaninku zai iya cire shi daga harajin da yake biya. Idan zai iya, ya tafi asusun haraji, idan ba zai iya ba, ya bi layin da ya hau kansa a raba su tare. Haka nan idan daga baya ɗan kwangila ya yi rangwame ko ya mayar da kuɗi saboda man bai cika ba, ka raba abin da ya dawo da kason watan da aka yi cinikin, ba na watan da kuɗin ya dawo ba.

Alƙaluman gaske ba za su fito sumul kamar na misalina ba, za a riƙa samun kwabo ɗaya ko biyu da ya ƙi zama. Idan da Excel kake aiki, ka sa kuɗin rabo a B1, awon wutar sassan a C4 zuwa C7, ka lissafa sassa uku a D4 zuwa D6 da tsarin farko, sashe mafi girma kuma ka bar shi a layin ƙarshe ya kwashe ragowar a D7 da tsari na biyu:

```
=ROUND($B$1*C4/SUM($C$4:$C$7),2)
=$B$1-SUM(D4:D6)
```

Abin da ya sa kowa ke zarginka shi ne kai ne ka zaɓi ma'auni bayan takarda ta iso, lokacin da kowane manaja zai iya lissafa abin da kowace hanya za ta ci masa, kuma a irin wannan hali babu hanyar da za ka ɗauka ba a ce ka karkata ba. Tun ran gini ran zane. Ka roƙi maigida ya tara manajojin huɗu, ka nuna musu hanyoyin uku gefe da gefe a takarda ɗaya, a amince da ƙa'ida, a rubuta ta a shafi guda kowa ya sa hannu, maigida a ƙarshe. Shafin ya faɗi abin da ke tafiya kai tsaye, da ma'aunin abin da ake rabawa, da wanda ke riƙe littafin awanni, da ranar da ake auna tanki da wanda zai tsaya shaida. Ka tabbata hanyar lissafi aka sa wa hannu, ba kason 20 da 30 da 45 da 5 ba, domin kason zai riƙa sauyawa: ƙanƙara da ruwa za su hau a zafin Maris zuwa Mayu da kuma duk lokacin da azumi ya faɗo cikin zafi, su sauka da hunturu, kuma kason da aka daskarar a Afrilu zai zama zalunci a Janairu. Wanda ya ƙara inji ko ya cire ya sanar a rubuce, kuma canjin ya fara aiki daga watan da ke biye, ba a koma baya a taɓa watannin da aka rufe ba.

Naira 266,000 na ofis ka bar su a kan ofis tukuna a matsayin kashewar gudanarwa. Idan maigida yana son a mayar da dukkan kuɗin ofis kan sassa uku masu ciniki, wannan rabo ne na biyu mai nasa ma'aunin, kamar yawan ma'aikatan da ofis ke yi wa albashi, kuma a ƙarshen wata ake yin sa a kan jimlar kashewar ofis, ba a kan wannan takarda ba. Game da watan da ake rigima a kansa, tunda ba a riƙe littafin awanni ba, ka yi amfani da jadawalin aikin kowane sashe da agogon awanni da ke jikin janareta ka fitar da ƙiyasi, ka rubuta a jikin takardar rabon cewa ƙiyasi ne, manajoji su sa hannu a kai, ka liƙa ta a bayan takardar ɗan kwangila domin masu binciken kuɗi idan sun zo.